Faɗuwar Gaba: Yaushe Take Zama Ciwo?



A yankin nan namu, daga Anka zuwa Gummi da Bukkuyum, wanda ya ce gabansa na faɗuwa ba sai ya kawo hujja ba. Yargalma na cikin ƙauyukan da gubar dalma ta afka wa a 2010, annobar da ta ci yara aƙalla 400 a Zamfara. Ba a gama share hawaye ba sai ga 'yan bindiga. Manomin da ya ji rurin babura a bakin daji zuciyarsa ta tsinke, lafiyarsa ƙalau, domin wannan tsoron ne ke tsirar da shi.

To, mu ɗauki misalin mata biyu da suka yi gudun hijira zuwa Anka. Ta farko ba ta runtsawa duk daren da aka ji labarin hari. Da ƙura ta lafa, sai ta koma suyar ƙosanta, ta ci abinci, ta yi barci. Damuwarta tana zuwa da dalili, tana kuma tafiya da shi.

Ta biyu kuwa, ko gari lafiya lau, zullumi bai sakin ta. In ba tunanin yara ba, na abinci. In aka samu abincin, sai ta koma tsoron ciwo. Ta sani sarai abin ya wuce kima, amma ta kasa tsayar da shi. Wuyanta da kafaɗunta a ɗaure, ɗan abu kaɗan ta hau yara da faɗa, tana salla tana mance raka'a nawa ta yi. Kaskon suyarta ya yi wata da watanni a kife. Wannan kaskon nake so ku riƙa dubawa, domin damuwar da ta hana mutum sana'arsa ta wuce ta yau da kullum.

Ma'aunin likitoci na damuwar da ta zama ciwo shi ne: damuwar da ta mamaye mafi yawan kwanaki har wata 6, mai ita ya kasa sarrafa ta, tare da aƙalla alamu uku cikin shida: rashin natsuwa, saurin gajiya, kasa tattara hankali, saurin fushi, ɗaurewar jiki da lalacewar barci. Amma wanda ya ga kisa da idonsa, yake ta mafarkinsa yana firgita fiye da wata guda, kada a ce ya jira wata 6. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuma, ranar za a kai shi asibiti.

Abin da ke ci min rai shi ne inda ake fara nufa. Sai a wuce kemis a sayo diazepam; ya kwantar da hankali yau, bayan 'yan makonni jiki ya saba har ya kasa rabuwa da shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A fara da babban asibiti mafi kusa, domin ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya da yawan shan shayi ko goro duk suna kwaikwayon wannan ciwo. In an duba ba su ba ne, akwai magani da zaman tattaunawa da ƙwararru a Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato.