Sunan Kaya a Shagon Intanet: Yadda Za a Horar da Ma'aikatan Ƙungiya

Yau maganarmu ta shafi ƙungiyoyin gama kai na manoma a Ikara, Makarfi da Kudan da suka fara sayar da kaya ta intanet. Idan kai aka ɗora wa horar da ma'aikata, ga tsari na zama uku a kan rubuta sunan kaya.

Zama na farko, jerin kalmomi. Mai saye a Kaduna ko Abuja ba zai taɓa kayan ba, sannan allon waya yakan yanke dogon suna, farkonsa kawai ake gani. Saboda haka abin da ake sayarwa shi ke zuwa farko, sai irinsa, sai nauyinsa, sai garin da ya fito. Mu ɗauki misali. Ma'aikaci ya rubuta: "Sabon zuwa! Kaya mai kyau daga Ikara." To wane kaya? Wanda ya rubuta "tumatir" a wurin bincike zai iya wucewa bai gan shi ba. A gyara shi ya koma: "Busasshen tumatir, kauɗa, kilo 5, Ikara." Kun ga an sa sunaye biyu, domin wani kauɗa ya sani, wani busasshen tumatir zai nema.

Zama na biyu, awo. A nan ake yawan samun rigima. Mudu da tiya ba ɗaya suke ba daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma kauɗa ba ta kwanciya a kwano, wani ya tsoro ta, wani ya shafe. Ka rubuta "tiya biyu", mai saye ya auna da tasa ya ga ba ta cika ba, shi ke nan ya ce an cuce shi, a dawo masa da kuɗinsa. Don haka a ajiye sikeli a wurin horon, kowa ya auna da hannunsa, a rubuta kilo ban da nauyin leda. Haka mazarƙwailar Makarfi: kada a ce "babba", a ce "Mazarƙwaila, guda 10, kilo 2, Makarfi." Kuɗi kuwa kada ya shiga suna, yana da gurbinsa. Farashi yana canjawa, a gyara can a manta nan, mai saye ya riƙe ku da tsohon.

Zama na uku, gwaji. A rufe hoton, mutum ɗaya ya karanta sunan, abokin aikinsa ya shiga sito ya ɗauko kayan. In ya tsaya yana tambayar "wanne?", sunan bai yi ba, a sake. Bayan an buɗe shago kuma ku lura da saƙonni. Duk kayan da ake ta tambayar "nawa ne yawansa?", sunansa ne ke buƙatar gyara.

Ku gwada da kaya goma kafin mako mai zuwa.