Gubar da ke girma a cikin buhu: lacca kan ajiyar gyaɗa da masara a Bodinga da Shagari



Ba zan tsaya bayanin mece ce afalatoksin ba a gaban wannan taro. Kun san guba ce da wata irin fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara, kun san hanta take ci, kuma suya da dafuwa ba sa kashe ta. Abin da ya kawo ni shi ne wata magana da na gaji da ji daga bakin wasu abokan aikina da jami'an gwamnati, wai ƙasar Sakkwato ta bushe da yawa, rana za ta yi mana maganin fumfuna, matsalar ta mutanen kudu ce. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana cutar da yaranmu.

Fari shi ne babban abokin wannan fumfuna a gona. Idan ruwa ya ɗauke makonni kaɗan kafin cirar gyaɗa, ƙasa ta yi zafi, shuka ta galabaita, kwanso yakan tsage, gara ta huda shi, fumfuna ta shiga tun gyaɗar tana cikin ƙasa. Manomin Sifawa ko Kajiji ba ya bukatar a gaya masa sau nawa damina ke yanke masa a watan Satumba. Ke nan gyaɗarmu takan shigo gida da ƙwayar cutar a jikinta. Abin da ya rage shi ne ko ajiya za ta tsayar da ita, ko ta ba ta wurin yaɗuwa.

A nan nake son ku saurare ni da kyau, domin akwai binciken da ya amsa wannan tambaya, kuma na daɗe ina mamakin yadda muka yi watsi da shi. An yi shi a yankin Kindia na ƙasar Gini, mujallar likitoci ta Lancet ta buga shi a 2005. An ɗauki ƙauyuka 20 na manoman gyaɗa, mutum wajen 600. Ƙauyuka 10 aka bar su da ajiyarsu ta gado. Sauran 10 aka koya musu abubuwa masu sauƙi: a tsince gyaɗa da hannu a fitar da ruɓaɓɓiya da fasasshiya, a shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, a bari ta bushe sosai, a zuba a buhun algarara maimakon na leda, a ɗora buhunan a kan katako, a sa maganin ƙwari a daɓen ɗakin ajiya. Iyakar abin ke nan.

Masu binciken ba su tsaya kan auna gyaɗa ba, jinin mutanen suka auna, domin gubar tana manne wa wani sinadarin jini ta bar alamar abin da mutum ya ci a watannin baya. Bayan girbi kai tsaye, ƙauyukan duka sun yi kusan daidai. Bayan wata biyar na ajiya, ma'aunin ƙauyukan da aka bari da al'adarsu ya haura zuwa 18.7, na waɗanda aka koya wa ya tsaya a 8. Ƙasa da rabi. Ku lura da abin da alƙaluman ke faɗi: gona iri ɗaya, damina ɗaya, amma gubar da ta shiga jikin mutane ta ninka ne a cikin ɗakin ajiya, kuma tabarma da katako suka hana ta.

Za a ce mini Gini ƙasar ruwa ce. Haka ne. Amma ku shiga ɗakin ajiya a Danchadi a watan Oktoba ku gani. An ciri gyaɗa an tara ta tuli guda da harawarta, raɓa tana sauka da dare, tsakiyar tulin yana zafi idan ka sa hannu. An tsige ta da sauri domin kasuwa ko biyan bashi, an cusa a buhun taki na leda, an jingina da bango a kan daɓen siminti, a ƙarƙashin rufin kwano. Kwano ya gasa ɗakin da rana, ya yi sanyi da asuba, gumi ya taru a cikin buhun ba shi da hanyar fita. Busasshiyar iskar waje ba ta isa cikin buhun leda. Ga kuma masu yayyafa wa kwanso ruwa domin ya yi saurin ɓarewa, su mayar da busasshiyar gyaɗa ɗanya da hannunsu.

Gyaɗa tana bukatar danshinta ya sauka zuwa kashi 7 ko 8 cikin 100, masara kashi 13. Ba sai da na'ura ba. Kwanson da ya bushe yana kaɗawa idan an girgiza shi, ƙwayar tana karyewa ƙas a haƙori. Masara kuwa, a zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza; idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da ita shanya. Wannan gwajin ya shafi har masarar da fatake ke kawo mana daga Funtuwa da Saminaka, wadda sau da yawa ake ɗinke buhunta tun ba ta gama bushewa ba.

Sai maganar da ta fi damuna, wato tsinta. Mata suna tsintar gyaɗa, amma ina tsintacciyar take zuwa? Mai kyau ta tafi kasuwa. Yamutsattsiya da mai ɗaci da wadda aka samu a roro, ita ake saya da araha a yi mai da ƙuli-ƙuli, ko a ba yara, ko a zuba wa akuya da saniya, gubar ta dawo mana ta cikin nono. Idan aka matse mai, mafi yawan gubar a tunkuza take zama. Ƙwayoyi kaɗan ne a buhu ke ɗauke da yawancinta, mu kuma mu tattara su wuri guda mu miƙa wa yaron da aka yaye. Binciken da aka yi a Benin da Togo a kan yara 480, aka buga a 2002, ya nuna yaran da suka tsumbure su ne masu gubar da yawa a jini. Ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B kuwa, haɗarin dajin hanta yakan ninka sau da dama.

Ban ƙi Aflasafe ba, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa kilo 10 a hekta kafin fure. Yana aiki. Amma sai an saye shi kowace damina, kuma ba zai busar wa kowa da gyaɗa ba. Masu maganar gina ɗakin gwaji domin cika ƙa'idar Turai kuma, gyaɗar da ke damuna ba ta zuwa Turai, a cikin kunun safe take ƙarewa.

Saboda haka nake kira ga ƙananan hukumomin biyu da ma'aikatar gona ta jiha da su ware kuɗin tabarma ko tamfol, buhun algarara da katako, su raba kafin cira, ba bayan an ɗinke buhu ba. A horar da mata masu ƙuli-ƙuli kafin kowa, ta hannun malaman gona mata da za su iya shiga gida. A saye tsintacciyar gyaɗa daga hannunsu a ƙone ta, domin talaka ba zai zubar da abin da yake iya sayarwa ba. Buhu mai ninki uku ya dace da masara, amma sai wadda ta wuce gwajin gishiri. Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma ta ɗauki ƙauyuka a Bodinga da Shagari ta maimaita gwajin Kindia, ta auna jini bayan girbi, ta sake aunawa a watan Maris.