Abin da ke faruwa a bakin ƙulli: taguwa tsakanin siririyar igiya da kakkaura



Tambayar da zan tsaya a kanta yau guda ɗaya ce. An ƙulla siririyar igiya da kakkaura, an ja su sun miƙe, sai aka fizgi bakin guda, tozo ya tashi yana gudu a kanta. Idan ya iso ƙulli, nawa ne zai wuce, nawa ne zai dawo, kuma wanda ya dawo ɗin a tsaye zai dawo ko a kife? Lambobi biyu ne ke ba da amsa: ma'aunin dawowa, wanda ake rubutawa r, da ma'aunin wucewa, wanda ake rubutawa t. Kowannensu tsayin sabon tozo ne idan an raba shi da tsayin wanda ya zo.

Mu fara da igiya ɗaya tukuna. Tun 1747 Jean d'Alembert ya fitar da lissafin motsin igiyar da aka ja, kuma daga cikinsa muka san cewa abu biyu ne ke yanke gudun taguwa: ƙarfin jan da ke kan igiyar, wato T, da nauyin kowace mita tata, wato μ. Daga waɗannan biyun kuma ake samun abu na uku, wanda zan kira turjiya, Z. Turjiya ita ce yawan ƙarfin da igiya ke nema kafin ta yarda bakinta ya motsa sama ko ƙasa da wani sauri.

```
v = √(T/μ)
Z = √(Tμ)
```

Ga igiyoyinmu. Siririyar tana da gram 10 a kowace mita, kakkaurar tana da gram 40. An rataya nauyin kusan kilo 3.7 a ƙarshe ta kan ƙaramar kura, ja ya zama niyuton 36. Ku lura, wannan ja ɗaya ne a igiyoyin biyu, domin da ya bambanta da ƙullin bai tsaya wuri ɗaya ba. Idan muka sa lambobin, taguwa tana gudun mita 60 a daƙiƙa a kan siririya, mita 30 a kan kakkaura. Turjiyar siririya 0.6 ce, ta kakkaura 1.2. To ga abu na farko da ya kamata a riƙe: nauyi ya ninka sau huɗu, amma turjiya sau biyu kawai ta ninka, saboda tushen lambar ake ɗauka, ba lambar kanta ba.

Yanzu sai ƙulli. Sharuɗɗa biyu yake gindayawa. Na farko, igiyar ba ta tsinke ba, don haka duk inda bakin siririya ya kai, nan bakin kakkaura yake. Idan tsayin tozon da ya zo A ne, na wanda ya dawo B, na wanda ya wuce C, to A da B a haɗe dole su yi daidai da C. Na biyu, ƙullin ba shi da wani nauyi nasa, saboda haka ƙarfin da igiyar hagu ke ja da shi sama ko ƙasa dole ya yi daidai da na igiyar dama. Ma'ana, igiyar ba za ta yi gwiwa a wurin ba. Waɗannan sharuɗɗa biyu su ne gaba ɗayan maganar, sauran duk warware lissafi ne.

```
A + B = C
Z1(A − B) = Z2·C
r = (Z1 − Z2)/(Z1 + Z2)
t = 2·Z1/(Z1 + Z2)
```

A nan Z1 turjiyar igiyar da taguwa ta fito ce, Z2 kuma ta wadda za ta shiga.

Mu tura tozo mai tsayin santimita 3 daga siririya zuwa kakkaura. Lissafi ya ba mu r = −1/3, t = 2/3. Wato tozo mai tsayin santimita 2 ya wuce a tsaye, wani mai santimita 1 ya dawo a kife. Alamar ragi ita ce kifewar. Me ya kifar da shi? Lokacin da tozo ya iso, siririya tana son ɗaga ƙulli har santimita 3, amma kakkaura ta yi nawa, iyakar abin da ta yarda shi ne santimita 2. Wannan dannewa da ta yi wa bakin siririya ita ce ke komawa baya a matsayin kwari mai zurfin santimita 1. Ku gwada sharaɗin farko: 3 a cire 1 ya bar 2.

Faɗin tozon ma ya canza. A ce faɗinsa santimita 120 ne a kan siririya. Da gudun mita 60 a daƙiƙa, zai ɗauki daƙiƙa 0.02 kafin ya gama shiga ƙulli. A cikin wannan ɗan lokaci, gabansa da ya riga ya shiga kakkaura santimita 60 kawai ya ci. Saboda haka ya takure zuwa rabi. Wanda ya dawo kuwa yana nan da faɗinsa na santimita 120, tunda kan igiyarsa ya koma. Haka abin yake idan ana kaɗa igiyar ba tsayawa: yawan kaɗawa a daƙiƙa ba ya canzawa, domin ƙulli ɗaya ne ke motsa ɓangarorin biyu. Tazarar da ke tsakanin tozo da tozo ce ke canzawa. Kaɗawa 20 a daƙiƙa tana ba da tazarar mita 3 a siririya, mita 1.5 a kakkaura.

Yanzu mu juya, kuma nan ne gizo ke saƙa. Tozo mai santimita 3 ya fito daga kakkaura zai shiga siririya. Wannan karon r = +1/3, t = 4/3. Na santimita 1 ya dawo a tsaye, wanda ya wuce kuma ya kai santimita 4. An tura 3, an sami 4 a gaba, ga kuma 1 a baya. Ɗalibi mai lura zai ɗaga hannu ya ce, Malam, daga ina ƙarin ya fito? Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta ita ce babban abin da nake so ku tafi da shi: tsayin tozo daban, makamashin da yake ɗauke da shi daban.

Makamashin da taguwa ke kaiwa a kowace daƙiƙa yana bin turjiyar igiya ne, a ninka da tsayin sau biyu. Mu ƙirga. Wanda ya zo: 1.2 sau 3 sau 3, ya ba da 10.8. Wanda ya wuce: 0.6 sau 4 sau 4, ya ba da 9.6. Wanda ya dawo: 1.2 sau 1 sau 1, ya ba da 1.2. Ku haɗa 9.6 da 1.2, sai ga 10.8 cif. Ba a ƙirƙiri komai ba, ba a kuma yi asarar komai ba. Siririya ta yi tsalle mai tsawo ne kawai saboda ɗaga ta ba ya cin ƙarfi. Idan kuka koma gwajin farko kuka yi irin wannan ƙirga, za ku sami 5.4 ya zo, 4.8 ya wuce, 0.6 ya dawo. A duka biyun, kashi ɗaya cikin tara ne ya dawo, takwas suka wuce. Ƙulli bai damu da ta inda aka ɓullo masa ba wajen rabon makamashi. Tsayi da kifewa ne kaɗai ke nuna alƙiblar.

Idan aka matsa lamarin zuwa ƙarshensa, sai a ga abin da muka saba gani. Kakkaurar da ta yi nauyi marar iyaka bango ce: r ya zama −1, t ya zama sifili, komai ya dawo a kife. Wadda ba ta da nauyi ko kaɗan sakakken baki ce: r ya zama +1, t ya zama 2, bakin ya yi tsalle ninki biyu, amma ba ya ɗauke da makamashi. Sai dai isa can ba da sauri ake yi ba. Ko da igiya ta biyu ta ninka ta farko nauyi sau 100, turjiya sau 10 ta ninka, r ya zama −9/11, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na makamashin yana wucewa. Tsirkiyar gurmi tana kusa da wannan iyaka ta bango. Ta hau kan jaki, jaki ya hau kan fata, turjiyar wurin ta fi tata nesa ba kusa ba. Mafi yawan motsin yana komawa cikin tsirkiyar, shi ya sa amon yake ɗan daɗewa, ɗan abin da ya wuce kuma shi ne kunne ke ji.

Ina kurakuran suke? A takarda, wanda ya fi yawa shi ne sa μ a gurbin Z. Mai yin haka zai sami r = −3/5 maimakon −1/3. Na biyu shi ne haɗa r sau r da t sau t ana jiran a sami 1, an manta da turjiya. Gwaji biyu ke tsare mutum: 1 + r dole ya zama t, kuma makamashin da ya fita dole ya yi daidai da wanda ya shigo. A ɗakin gwaji kuwa, babban mai laifi shi ne ƙullin kansa. Idan ya yi kauri, sharaɗi na biyu ya rushe, kuma dawowar za ta dogara da saurin kaɗawa: gajeren tozo mai kaifi zai dawo fiye da dogo mai laushi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ku yanka igiya ɗaya gida biyu, ku ƙulla ta da irin wannan ƙulli. Lissafi ya ce r sifili ne, don haka duk abin da ya dawo aikin ƙulli ne. Haka kuma lissafin yana aiki ne idan tozon bai yi tsayi ba in an gwada da faɗinsa, igiyar tana lanƙwasuwa ba gardama, kuma ja ya isa ya hana ta yin ciki.

Ana iya kashe dawowar gaba ɗaya, amma ga saurin kaɗawa guda. Sai a sa guntuwar igiya ta uku a tsakani, wadda turjiyarta tushen Z1 sau Z2 ce, tsawonta kuma rubu'in tazarar tozo a kanta. A misalinmu, igiya ce mai gram 20 a mita. Gudun taguwa a kanta kusan mita 42.4 ne a daƙiƙa, don haka a kaɗawa 20 tsawonta zai zama kusan santimita 53. Abin da ya dawo daga ƙulli na biyu ya yi tafiyar rabin tazara zuwa da dawowa, sai ya tarar da na ƙulli na farko sun saɓa, suka shafe juna. Da wannan dabarar ake shafa wa gilashin kyamara siririn rufi, domin haske ma irin wannan lissafi yake bi: idan ya faɗa kai tsaye daga iska kan gilashi, kusan kashi 4 cikin ɗari yake dawowa.

Roƙona ga malaman kimiyya da ke nan shi ne, kada a bar wannan darasi a kan allo. A auna mita ɗaya ta kowace igiya a sikeli, a sa ɗalibai su fitar da r da t kafin a taɓa komai, sannan a fizgi igiyar a ɗauka da waya a bidiyo mai tafiyar hawainiya, su auna tozon da idonsu. Idan awo ya saɓa wa lissafi, a fara duba ƙulli.