Inuwar Sanda da Sirrin Damina da Hunturu

Shugaban wannan zama, iyayenmu, malamaina, da ɗalibai waɗanda suka zo daga nan Wurno da Rabah da Goronyo, ina yi muku barka da zuwa.

Idan aka tambayi mutane abin da ke kawo zafin bazara da sanyin hunturu, amsar da aka fi ji ita ce, wai a bazara duniya takan matsa kusa da rana, a hunturu kuma ta ja da baya. Mai wannan magana ba wauta ya yi ba, domin duk wanda ya taɓa jin ɗumin wuta ya san na kusa da ita ya fi jin zafi. Sai dai awon da masana sararin samaniya suka yi bai bar wa wannan amsa wurin tsayawa ba. Duniya takan fi kusa da rana ne a makon farko na Janairu, da tazarar kilomita miliyan 147, wato a daidai lokacin da muke rawar ɗari, leɓe na tsagewa, yara na gudun wanka. Takan fi nisa kuma a makon farko na Yuli, da tazarar kilomita miliyan 152. Bambancin bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Sannan da tazara ce ke aikin, da duk duniya ta shiga sanyi tare. Amma a Disamba, muna lulluɓe da bargo, mutanen Johannesburg a Afirka ta Kudu suna tsakiyar zafinsu da ruwan samansu, sanyinsu sai Yuni da Yuli. Rana ɗaya ce, tazarar ma ɗaya, yanayi kuwa ya sha bamban.

To mene ne dalili? Duniya tana juyawa a kan wani layi da ya ratsa ta daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, wannan juyi ne ke ba mu dare da yini. Layin nan ba a miƙe yake ba idan aka gwada shi da hanyar da duniya ke bi tana zagaya rana. Ya karkata da kusan digiri 23 da rabi, kuma duk tsawon shekara wuri guda yake nuni, wajen tauraron arewa. Saboda haka a Yuni rabin duniya na arewa ne ke fuskantar rana sosai, bayan wata shida kuma, da duniya ta kai ɗaya gefen zagayenta, sai rabin kudu ya karɓa. Mu da ke ƙasa abin da muke gani shi ne hanyar rana a sama tana tafiya arewa wata shida, tana komawa kudu wata shida.

Ba na so ku karɓi wannan don na faɗa. Ana iya auna shi a tsakar gida. A samo sanda miƙaƙƙiya, a kafa ta a shimfiɗaɗɗen wuri, abin da ya fito sama da ƙasa ya zama mita 1 cif. A riƙa duba inuwarta da tsakar rana, a auna ta a lokacin da ta fi gajarta. Garuruwanmu uku suna sama kaɗan da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka abin da za a samu a Wurno kusan shi za a samu a Rabah da Goronyo.

Ranar 21 ga Disamba inuwar za ta kai wajen santimita 75, tana nuna arewa, domin rana ta yi can kudu da mu. Daga nan sai ta shiga raguwa. Wajen 21 ga Maris za ta dawo santimita 24. Wajen 25 ga Afrilu kuwa za ku ga abin mamaki, inuwar za ta shige ƙarƙashin sandar ta ɓace, saboda rana ta tsaya daidai bisa kanmu. Bayan haka inuwar za ta sake fitowa, amma ta ɗaya ɓangaren, tana nuna kudu, har ta kai santimita 18 ranar 21 ga Yuni. Daga nan rana ta juyo, ta sake bi ta kanmu wajen 18 ga Agusta, inuwa ta koma arewa tana tsawo har Disamba. Mata da ke neman inuwar ɗaki don yin aiki da tsakar rana sun san wannan tuntuni: bangon da ke ba da inuwa da hunturu ba shi ke bayarwa a farkon damina ba.

Ɗalibai, ga inda daɗin yake. Ku zana sandar a takarda da santimita 10, inuwar Disamba da santimita 7 da rabi, ku haɗa bakunansu da layi, ku auna kusurwar da ke kan sandar da ma'aunin da ke cikin akwatin lissafinku. Za ku sami kusan digiri 37. Ku yi haka da inuwar Yuni, za ku sami kusan digiri 10. Tunda ɗaya ta nufi arewa ɗaya kudu, sai a tara su, 47 ke nan. A raba biyu, 23 da rabi. Kun auna karkatar duniya da sanda da igiyar awo.

Akwai abubuwan da ke ɓata wannan awo. Na farko agogo. Kada ku auna da ƙarfe 12, domin agogon Najeriya an daidaita shi ne da wurin da ke can gabas da mu, tsakar ranarmu ta gaskiya takan zo ne wajen 12:40. Ku fara sa alama a bakin inuwar tun 12:15, kowane minti 5, har ku ga ta daina gajarta. Na biyu karkatar sandar kanta: digiri 1 kacal na kawo kuskuren kusan santimita 2, don haka a rataya dutse da zare a gefenta a tabbatar ta miƙe. Idan kuma a ƙarshen Afrilu kuka ga inuwa ta ƙi ɓacewa, ku tuhumi sandarku ko ƙasar da kuka kafa ta.

Malamanmu na zaure ba baƙon abu na kawo musu ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya sun ce Azahar na shiga idan rana ta gota tsakiya inuwa ta fara ƙaruwa, La'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar da ya ke da ita a lokacin zawali. Me ya sa aka yi wannan togaciya? Domin inuwar zawali tana canzawa wata bayan wata. Ladanan wannan gari, tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi a nan har ya rasu a 1837, da inuwa suka riƙa gane lokacin salla, kafin zuwan agogo. Abin da suke lura da shi a farfajiyar masallaci shi ne sawun karkatar duniya.

Yaya tsawon inuwa ke zama zafi ko sanyi? Haska tocila kai tsaye a ƙasa, za ka ga ƙaramar da'ira mai ƙarfin haske. Karkata ta, hasken ya bazu ya yi rauni. A tsakar ranar Disamba, kowane taki na ƙasar Wurno yana samun kusan kashi 80 ne cikin 100 na abin da zai samu in rana na bisa kai. Yini ma ya gajarta, awa 11 da kusan minti 20, alhali a Yuni yana dab da awa 13. Kusancin Janairu yana ƙara ƙarfin hasken rana da kusan kashi 7 cikin 100 a kan na Yuli, wannan gaskiya ne, amma karkata ta cinye shi har ta nemi ƙari.

Na san wani zai ce, Malam, ai ka ce rana na bisa kanmu a Afrilu da Agusta, don me Afrilu ke ƙuna, ma'aunin zafi ya haura digiri 40, Agusta kuwa ana marka har a nemi mayafi? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan ne yanayinmu ya rabu da na littattafan Turai masu maganar lokuta huɗu. Mu karkatar duniya ta fi taɓa mu ta hanyar iska da ruwa. Inda rana ta fi dukan ƙasa, iskar wurin takan yi zafi ta tashi sama, iskar gefe ta kwararo ta cike gurbi. Da rana ta yi arewa ta gasa Sahara, sai iska mai laima ta taso daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ta bi sawun rana tana hawowa. Ba ta cim mata nan da nan, takan yi jinkirin makonni. Shi ya sa a Afrilu rana ke samun ƙasarmu a bushe, sama ba gajimare, babu abin da zai tare ta. Kafin ta sake bi ta kanmu a Agusta, laima ta riga ta iso, gajimare ya rufe, ƙasa ta jiƙe, zafin yana ƙarewa wajen busar da ruwa. Idan rana ta koma kudu, ruwa ya bi ta, sai busasshiyar iskar arewa maso gabas ta sauko mana da ƙurar Sahara. Hunturu ke nan, kuma dararensa masu sanyi su ne jarin manoman albasa da tafarnuwa da alkama a fadamun Rima da ke shan ruwan madatsar Goronyo.

Sai dai kada a ɗora wa karkatar duniya abin da ba nata ba. Ita ke tsara jerin lokuta, damina bayan bazara, kaka bayan damina. Ba ita ke yanke ko daminar bana za ta yi albarka ba. Karkatar da aka yi farin 1973 da na 1984 a cikinta, ita ce dai aka yi ambaliyar 2010 a cikinta, wadda ta ci garuruwa da gonaki a wannan yanki. Wannan bambanci na shekara da shekara ya fi dangantaka da ɗumin ruwan teku da ƙarfin iskar da ke ɗauko laima, kuma darasi ne na wani zama.

Roƙona ga shugabannin makarantun da ke nan shi ne kowace makaranta ta kafa sandarta a wurin da ba a taka shi, a ba aji guda aikin auna inuwar sau ɗaya a mako, a riƙa rubutawa da kwanan wata da ɓangaren da ta nufa. Idan an kai ƙarshen Yuni, makarantun Rabah da na Goronyo su haɗa takardunsu. Goronyo ta ɗan fi arewa, saboda haka inuwarta ta Disamba za ta ɗara ta Rabah da kusan santimita 1, in an yi awon da kyau.