Nawa Kula Ɗaya Ta Iso Mana? Jawabin Kwamitin Saye da Sayarwa a Taron Cikar Shekara

An ba kwamitinmu ɗan lokaci kaɗan, don haka magana ɗaya za mu riƙe. Da yawa cikinmu sun fara yo odar kaya daga Sin, wasu kuma suna son ƙungiya ta haɗa kuɗi a yi odar tare. Kafin adashin mutane ya bar hannunmu, ya kamata kowacce ta iya zama da biro da takarda ta fitar da nawa kaya ɗaya zai tsaya mata ranar da ya shigo shagonta.

Bari mu ɗauki kular abinci, tunda babu gidan da bai san ta ba. Farashin da za mu ambata na misali ne, mun zaɓi lambobin da za su yi sauƙin lissafi. Hanyar lissafin ita ce abin riƙewa.

A ce mai kamfani a birnin Gwanzu ya ce kula ɗaya dala 4 ce, mu kuma muna son guda 600. Kuɗin kaya ya kama dala 2,400. Idan muka sa dala a kan naira 1,500, kula ɗaya ta zama naira 6,000. A nan ne zuciya take fara rawa, domin mace ta san nawa ake sayar da irinta a kasuwa, sai ta ga riba ta ninka. To amma dubu shidan nan kuɗinta ne a ƙofar kamfani. Sai an ɗauko ta zuwa sito, an kai ta tasha, an loda a jirgi, kuma wanda ya tsaya mana a can yana da ladansa. Mu sa wannan duka dala 100. Yanzu muna kan dala 2,500, wato naira 3,750,000. Wannan adadi shi ne za ku ga an rubuta FOB a gabansa a takarda, ma'ana kuɗin kaya har hawansa jirgi. Duk wanda ya ba ku farashi, ku tambaye shi: na ƙofar kamfani ne ko na kan jirgi?

Sai kuɗin jirgin ruwa. Tunda kayanmu ba su cika kwantena ba, za a haɗa mu da wasu ne, kuma wurin da kaya suka cinye shi ake biya. Ma'aunin shi ne abin da 'yan kasuwa suke ce wa si-bi-em, wato fili mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Ba a buƙatar boko mai zurfi kafin a fitar da shi. A ce kula 12 ke shiga kwali ɗaya, kwalayenmu 50 ke nan. Kwalin kuma tsawonsa santimita 60, faɗi 40, tsayi 50. Sai a mayar da su mita a ninka: 0.6 sau 0.4 sau 0.5, ya ba da 0.12. A ninka da kwali 50, ya ba da si-bi-em 6. Idan ana cajin dala 80 a kowanne, kuɗin jirgi dala 480 ne.

Ku lura, 'yan'uwa, kula kaya ce mai ciki fanko, rabin abin da muke biya wa haya iska ce. Shi ya sa muke cewa kada a tura ko sisi sai mai kaya ya turo girman kwali da adadin da ke ciki. Kulolin da suke shiga cikin juna, ƙarama cikin babba, sukan fi sauƙin dako ko da kuɗin sayensu ya ɗan ɗara.

Mu ƙara inshora dala 20. Kuɗin kaya da na jirgi da inshora sun haɗu dala 3,000, wato naira 4,500,000. Shi ne ake rubutawa CIF, kuma a kansa kwastam take ɗora kuɗin fito. Wannan wuri yana ba mutane mamaki: har kuɗin jirgin da muka biya sai an karɓi haraji a kansa.

Kuɗin fito a Najeriya yana bin jadawalin bai-ɗaya na ƙasashen Afirka ta Yamma, mai matakai biyar: babu komai, kashi 5, kashi 10, kashi 20, da kashi 35 cikin ɗari. Kowane irin kaya yana da lambarsa a littafin kwastam, lambar ce take nuna matakin da ya faɗa. Yawancin kayan da aka gama ƙerawa don amfanin gida suna kan kashi 20, shi za mu ɗauka. Kashi 20 na 4,500,000 ya zama naira 900,000.

Ba a nan aka tsaya ba. Akwai wasu ƙananan caji guda uku da aka daɗe ana ganinsu a takardar kwastam: kashi 7 na shi kuɗin fiton, wanda ya kama 63,000, kashi 1 na kuɗin kaya har kan jirgi, 37,500, da rabin kashi ɗaya na jimlar nan ta miliyan huɗu da rabi, 22,500. Waɗannan ƙananan su ne suka fi saurin canzawa. Dokar kwastam ta 2023 ta zo da cajin kashi 4 a kan kuɗin kaya har kan jirgi, wanda a misalinmu zai kama 150,000, kuma an yi ta kai ruwa rana a kansa. Saboda haka a kowace oda sai a nemi ejan ya faɗi waɗanda ake karɓa a wannan makon, a sa su a gurbinsu.

Na ƙarshe shi ne harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun shekarar 2020. Shi kuma a kan komai yake hawa. Ana tara kuɗin kaya da jirgi da inshora, a haɗa da kuɗin fito da ƙananan cajin nan, wanda a wurinmu ya ba da 5,523,000, sannan a fitar da kashi 7.5, wato 414,225. Idan muka tara duk abin da zai shiga asusun kwastam, ya zama naira 1,437,225. Wadda aka ce mata fito kashi 20 ne, ta tanadi dubu ɗari tara, za ta tarar akwai giɓin sama da rabin miliyan. A zahiri kusan kashi 32 ta biya.

Akwai kuma batun dala. Kwastam tana da farashin canjin da take aiki da shi, kuma ba ruwanta da yadda muka sayi tamu dalar wata biyu da suka wuce. Kaya kan yi makonni a ruwa. Idan kafin a biya farashin nan ya tashi daga 1,500 zuwa 1,600, kuɗin kwastam ɗinmu ya ƙaru da wajen naira 96,000 ba tare da kowa ya taɓa kwali ko ɗaya ba. Mu a kwamiti ra'ayinmu shi ne a riƙa yin lissafi da dalar da ta ɗan fi ta ranar.

Yanzu ejan, mai fito da kaya. Aikinsa shi ne shigar da bayanan kaya, bin takardu, tsayawa a duba kaya, da fito da su daga tashar Apapa ko Tinkan. Ladansa daban, kuɗin da yake biya a madadinmu daban, amma da yawa sukan dunƙule su su ce a kawo kaza. Kada mu yarda da dunƙulallen kuɗi. A raba mana: ga na kwastam da takardar da ta nuna yadda aka yanke shi da rasit ɗin banki, ga na kamfanin jirgi da na masu tasha, ga ladanka. A misalinmu mu sa ladan ejan 250,000, cajin kamfanin jirgi da na tasha 300,000, mota daga Legas zuwa Kano 240,000, 'yan dako 30,000. Jimla 820,000.

Idan ejan ya zo da farashin da bai kai ko kuɗin kwastam da muka lissafa ba, to akwai lauje cikin naɗi. Ko dai zai rage darajar kayan a takarda, ko ya ba su lambar wani kaya mai sauƙin fito. Ranar da aka gano, kwastam za ta nemi cikon kuɗi, wani lokaci da tara, ko ta riƙe kayan. Suna zaune kuma kuɗin kwana yana hawa, domin kwanakin kyauta kaɗan ake bayarwa, bayan su kowace rana da kuɗinta. Mai kaya ce take biyan wannan, ba ejan ba.

Mu tara gaba ɗaya: 4,500,000 da 1,437,225 da 820,000 sun ba da naira 6,757,225. A raba wa kula 600, kowacce ta tsaya a wajen 11,260. Amma ba duka ke isowa lafiya ba. Idan 20 suka lotse ko murfinsu ya fashe, 580 ne za su ɗauki nauyin, kowacce ta koma 11,650. Kular da aka ce dubu shida ce ta kusa ninkawa, kuma ba mu sa hayar shago ko ribarmu ba tukuna. Wannan lambar za mu ɗauka mu je kasuwa mu tambayi farashin sari. Idan dila a nan gida yana ba da irinta a 12,000, ribar naira 350 a kowace kula ba ta kai a ɗaure kuɗin mutane wata uku saboda ita ba.

Wata za ta ce, ni ai kamfanin kago nake ba wa, su caje ni kuɗi ɗaya a kan si-bi-em, in karɓi kayana. Haka ne, kuma ga ƙaramar oda ya fi sauƙi. Sai dai duk abubuwan da muka lissafa suna cikin kuɗin nan a ɓoye. Tambayoyin da za a yi musu a rubuce su ne: har da kwastam? A Legas za a karɓa ko a Kano? Da dalar ranar lodi za a biya ko ta ranar isowa? Yawanci ta ranar isowa ce, kuma nan ne rigima take tasowa.

Saura yadda za mu raba kuɗin a tsakaninmu idan odar ta haɗaka ce, don nan zumunci yake ɓaci. A ce wata ta sayo kuloli, wata ta sayo mayafai, kowacce ta kashe kuɗi daidai da ɗaya. Kulolin sun ci si-bi-em 6, mayafan ba su wuce 1 ba. Idan aka raba kuɗin jirgi biyu daidai, mai mayafi ta biya wa mai kula haya. Shawarar kwamiti ita ce kuɗin jirgi da na mota da na dako a raba su bisa wurin da kayan kowacce suka cinye, kuɗin kwastam kuma kowacce ta ɗauki na irin kayanta, tunda matakinsu zai iya bambanta. Ladan ejan kuwa a yi yarjejeniya a kansa tun kafin kuɗi su fita, a rubuta a littafin ƙungiya, kowa ta sa hannu.

Takardar wannan lissafi tana wurin ma'aji, mun bar guraben lambobin a buɗe. Duk mai shirin shiga odar da ke tafe ta zo zama na gaba da farashin kayanta, da girman kwali, da adadin da ke cikin kowanne, mu cike tare.