Fayil ɗin Excel ya ƙi buɗewa? Kar ka goge shi tukuna



Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a shagona a Gyaɗi-Gyaɗi, sai ga kawuna ya shigo da filashi a hannu. Yana sayar da kayan masarufi a kasuwar Tarauni, kuma bashin da yake bin mutane na wata takwas duk yana cikin fayil ɗaya na Excel. Yaron shagonsa ya zare filashin ana tsaka da kwafar fayil ɗin, kwamfutar kuma an riga an yi mata wanki. Ya ce, "Ɗana, in wannan ya tafi, wallahi ban san wa zan bi ba." Na ce, "Kawu, ku zauna mu duba."

Kafin komai sai da na kwafi fayil ɗin zuwa kwamfutata, na mayar masa da filashinsa. Duk gwajin da za ka yi, a kan kwafi za ka yi shi, domin wani gyaran ƙara ɓarna yake. Daga nan na duba girmansa. In ka ga 0 KB, to babu komai a ciki, sai dai ka nemi tsohon kwafi a imel ko WhatsApp. Na kawu 171 KB ne, wato akwai kaya.

Sai na gwada gyaran Excel da kansa. Ba danna fayil ɗin sau biyu za ka yi ba. Ka buɗe Excel, ka bi File, Open, Browse, ka zaɓi fayil ɗin, ka danna 'yar kibiyar da ke jikin Open, ka zaɓi Open and Repair. Ka fara da Repair. In ya gaza, ka koma Extract Data, sannan Convert to Values. Wannan zai ba ka alƙaluma, amma dabarun lissafin da ke bayansu sun tafi. Mu dai duka biyun suka ƙi.

To ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Tun Excel 2007, fayil mai .xlsx a ƙarshe jakar zif ce, an ɗaure ƙananan fayiloli a ciki. Jerin sunayen kayan jakar yana can ƙarshen fayil ɗin. Idan kwafa ta yanke, wannan jerin ne yake fara ɓacewa, sai Excel ya ce bai gane fayil ɗin ba, alhali kayan suna nan.

Na danna dama a kan kwafin, na zaɓi 7-Zip, sannan Open archive. Ya yi ƙorafin cewa fayil ɗin ya yanke, amma ya nuna abin da ya rage. Guda uku nake nema:

```
xl/worksheets/sheet1.xml
xl/sharedStrings.xml
xl/styles.xml
```

Na farko shi ne shafin da alƙalumansa. Na biyu shi ne duk rubutun, har da sunayen masu bashi. Shafin ba ya riƙe suna, lamba kawai yake riƙewa mai nuni ga jerin da ke cikin na biyun. Don haka da na biyun ya lalace, da mun samu kuɗaɗe babu sunaye. Na uku kuwa shi yake sa kwanan wata ya fito yadda aka saba. In babu shi, 1 ga Janairu 2025 zai fito a matsayin 45658, sai ka mayar da ginshiƙin zuwa Date.

Alhamdulillahi, duka ukun suka fito lafiya. Sai na buɗe sabon fayil mai shafi ɗaya, na rubuta kalma ɗaya a ciki, na adana, na rufe. Kalmar nan ita ke sa Excel ya ƙirƙiri nasa sharedStrings.xml. Na buɗe sabon da 7-Zip, na ja na kawu guda ukun suka maye gurbin na ciki, kowanne a mazauninsa. Da na buɗe, Excel ya nemi izinin ɗan gyara, na danna Yes. Sai ga sunaye da kuɗaɗe sun jeru.

Ban bar shi ya tafi ba sai da muka ɗauki mutum biyar da yake tune da bashinsu, muka gwada da abin da ya fito. In sunaye suka goce, za ka je ka tambayi wanda ba ka bi.

Amma ku sani, dabarar nan tana da iyaka. Tsohon .xls ba zif ba ne, haka ma fayil ɗin da aka kulle buɗe shi da kalmar sirri. Kuma in shafin kansa ne ya yanke, layukan ƙasa sun tafi ke nan.

Yanzu kawu duk Juma'a yana tura wa kansa fayil ɗin ta imel, da kwanan wata a jikin sunan. Yaron kuma ya koyi danna Eject kafin ya zare filashi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.