Kada mu biya la'ada a kan mai sayen da yake namu tun da



Mu fara da abin da kowa a nan Biriketiri ya sani. Idan dillali ya kamo hannun baƙon da ba mu taɓa gani ba, ya kawo shi shago, baƙon ya sayi shadda, ba ma jayayya, mukan ba shi la'adarsa. To a ce dillalin nan ya tsaya bakin layi, ya hango hajiyar da ta shekara goma tana sayen atamfa a wurinmu, kuma wurinmu ta nufo, sai ya yi wuf ya rako ta, ya miƙo hannu. Wa zai ba shi ko dala? Amma da yawanmu abin da muke yi ke nan duk lokacin da muka biya kuɗin talla a Facebook ko Instagram, ba tare da mun sani ba.

Dalilin yana cikin yadda tallar take aiki. Idan muka ce muna son mutane su turo mana saƙo ta WhatsApp, Facebook zai nemo waɗanda suka fi saurin turo saƙo, domin su ne mafi araha a lissafinsa. Wa ya fi saurin yi mana magana? Wanda ya san mu, ya taɓa taɓa kayanmu, ya san ba ma cika kuɗi. Shi ne zai fara danna hoton ya ce, "Alhaji, wannan kalar ta iso?" Facebook bai san littafin shagonmu ba. A wurinsa an samu saƙo, aiki ya yi kyau, sai ya ƙara nuna wa irin waɗannan mutane.

Mu buga misali da lambobi, kowa ya sa nasa a madadinsu. A ce mai shadda ya ɗauko kaya daga Kantin Kwari, sun biyo ta Garwa da Ngawundare sun iso, saura wata guda Sallah. Ya zuba sefa 30,000 a talla ta kwana 10. Saƙo 60 suka shigo, wato kowane saƙo ya tsaya masa 500. Cikinsu mutum 20 suka saya. Ya raba 30,000 gida 20, ya ga 1,500 a kan kowane ciniki, ya ce talla ta biya.

Sai ya buɗe littafi ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Cikin saƙo 60 ɗin, 24 na tsofaffin masu sayensa ne. Cikin mutum 20 da suka saya, 14 nasa ne tun da, waɗanda duk Sallah sai sun zo. Sababbi 6 ne kawai. Ashe kowane sabon mai saye ya tsaya masa 5,000, ba 1,500 ba. Idan ribar da yake samu a cinikin farko 4,000 ce, to faɗuwa ya yi yana murna. Wannan duba littafin shi ne aikin farko, kuma ba ya cin ko sisi. Wanda ba shi da littafi, ya sa yaron shago ya riƙa yi wa kowane saƙo alama a WhatsApp Business, wannan sabo, wannan tsoho.

Maganin shi ne mu ba Facebook jerin mutanen da ba ma so ya nuna wa tallar neman sababbi. Maɓallin nan na Booster la publication da yawancinmu muke dannawa a waya ba shi ne wurin wannan aiki ba. A Gestionnaire de publicités ake yin sa, kuma ya fi sauƙi a kwamfuta. A shiga Audiences, a zaɓi Audience personnalisée, sannan Liste de clients, a ɗora fayil ɗin lambobin waya. Bayan haka, lokacin shirya tallar, a wurin zaɓen waɗanda za su gani, a sa wannan jerin a ɓangaren waɗanda za a cire. A duba sau biyu kafin a saki tallar. Idan aka yi kuskure aka sa jerin a ɓangaren waɗanda za a nuna wa, kuɗin duka a kan tsofaffin zai ƙare.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wurin rubuta lambobin, kuma mu masu cinikin ƙetare abin ya fi shafa, don littafinmu ya haɗa ƙasashe. Kowace lamba sai da lambar ƙasarta a gaba: 237 ta Kamaru, 234 ta Najeriya, 235 ta Chadi, 241 ta Gabon, 240 ta Ikwatoriyal Gini. Ta Najeriya a cire sifirin farko. Ta Kamaru kuwa, tun 2014 lambobin salula suka koma tara da 6 a gaba, kuma har yanzu akwai tsofaffin littattafai a unguwar nan masu lamba takwas. Ga yadda fayil ɗin zai kasance, da lambobin da ba na kowa ba:

```
phone,country
237600000000,CM
2348000000000,NG
```

Idan a Excel ake rubutawa, a lura. Yakan mai da doguwar lamba ta koma wani abu kamar 2,35E+12, kuma in aka adana ta a haka ta tashi daga aiki. A mai da layin ya zama na rubutu kafin a fara zuba lambobi.

Ko an rubuta komai daidai, ba duka za su kamu ba, gara mu faɗa tun yanzu. Facebook yana gane mutum ne idan lambar da muka ba shi ita ce wadda take haɗe da shafinsa. Mu kuwa mun san mutanenmu. Mai sari daga Libarabil yana da layin Gabon, yana da na Kamaru da yake sawa da zarar ya tsallako Kiye-Osi, shafinsa kuma wataƙila da layin da ya ɓata shekara biyar da suka wuce ya buɗe shi. Wata hajiyar direbanta ne yake kira. Wani ta hannun mai kiyos ɗin Orange Money ko MoMo yake turo kuɗi, lambar da ta fito mana ta mai kiyos ce. Saboda haka duk lambar da muka sani ta mutum mu sa ta, kada mu tsaya kan guda. Akwai kuma jeri na biyu da Facebook yake iya haɗawa da kansa, na waɗanda suka turo wa shafinmu saƙo, har zuwa kwana 365 baya. Yana toshe wata ɓarakar, amma yana da nasa aibin: cikinsa akwai waɗanda suka tambayi farashi ba su saya ba, su kuwa ba mu riga mun same su ba. Mu dai a ganinmu, mai ƙaramin shago ya fara da jerin waɗanda suka biya kuɗi, ya ga yadda abin zai kasance.

Sai tambayar da aka fi yi mana: har yaushe mutum zai zauna a jerin? Kayan ne za su faɗa. Wanda ya sayi keken ɗinki jiya ba zai sayi wani ba bana, duk sefar da aka kashe wajen nuna masa keken ɗinki ta tafi a banza. Mai shadda yana da ƙaramar Sallah da babba, tsakaninsu wata biyu da 'yan kwanaki, sai kuma bukukuwan aure. Wanda ya shekara biyu bai leƙo ba, wannan kam ba namu ba ne yanzu, wani ya ɗauke shi a Mokolo ko a Duwala. A fitar da shi daga jerin, talla ta sake nemo shi. Jerin kuma ba ya sabunta kansa. Wanda ya saya jiya ba ya ciki sai mun ƙara shi. Lokacin da kasuwa ta yi zafi, a ƙara sababbin lambobi duk mako.

Cire waɗanda suka saya kwanan nan yana da wani amfani da ba ya fitowa a lissafi. Mutum ya sayi turmi ranar Litinin a kan 45,000, ranar Alhamis ya ga tallarmu muna kiran baƙi da 40,000. Zai zo shago, kuma ba gaisuwa za ta kawo shi ba. Kodayake cire shi daga talla ba ya hana maƙwabciyarsa ta nuna masa a wayarta, don haka duk rangwamen da muka sa, mu shirya amsar da za mu ba namu.

Kada wani ya fahimci cewa watsar da tsofaffin masu saye muke nufi. Su ne ke riƙe da shago. Sai dai muna da hanyar isa gare su kyauta: status, da kiran waya, da liste de diffusion ta WhatsApp wadda take ɗaukar mutum 256, ko da yake saƙon yana isa ne ga wanda ya adana lambarmu kaɗai. Ranar da kaya suka sauka, su ya kamata su fara ji, kafin tallar ta fita.

Mu koma kan mai shaddarmu. Babbar Sallah ta matso, ya cire mutanensa, ya sake zuba 30,000. A ce wannan karon saƙo 54 ya samu, ba 60 ba, kowanne ya haura 550. A allon waya zai ga kamar abin ya lalace, kuma a nan ne mutane da yawa suke tsorata su cire jerin. Amma cikin 54 ɗin tsofaffi 6 ne suka kutso, 48 baƙi ne. Idan ɗaya cikin shida ya saya kamar wancan karon, ya samu sababbi 8, kowanne a kan 3,750, ƙasa da ribarsa. Saura ya duba abu guda: mutum 14 ɗin nan da suka saya wancan karon, sun dawo ta status da kiran waya? Idan sun dawo, kuɗin da ya kashe a kansu a baya asara ne. Idan rabinsu sun ɓace, to tallar tana tuna musu da shi, sai ya ware musu ɗan kuɗi daban, da talla daban, ya lissafa ta daban.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Lambobin nan mutane sun ba mu ne don ciniki. Facebook yana rikiɗa su zuwa wasu alamomi kafin ya gwada da nasa, kuma yana sa mu amince cewa muna da hurumin ɗora su. Kamaru ma tana da dokar kare bayanan mutane tun Disamba 2024. Saboda haka mu riƙa gaya wa mai saye abin da za mu yi da lambarsa lokacin da muke karɓa. Idan wani yaro ne yake yi mana tallar, ya yi aikin a cikin asusun shagonmu, kada ya ɗora fayil ɗin a nasa, domin gobe yana iya yi wa shagon da ke kallon namu aiki. Wasu sun kawo shawarar ƙungiya ta haɗa jerin mambobi duka wuri guda. Ba mu goyi baya ba: tsohon mai sayen Alhaji na kusurwa baƙo ne a wurin mai shagon gaba, cire shi zai hana wannan ciniki, kuma shi mai lambar bai ba da izinin a yi yawo da ita ba.

Wanda ya zo da littafin shagonsa, bayan an ci abinci za mu zauna mu ƙirga tare, sababbi nawa, tsofaffi nawa.